Rabi da sulusi a takardar ƙanwata

Bayan sallar isha'i muna zaune a tsakar gidanmu a Minanata, an ɗauke wuta, zafi ya hana kowa shiga ɗaki. Autarmu da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare ta miƙo mini takardar aikin gida, ta ce, “Yaya, na gama, duba mini kawai.” Washegari suna da gwajin lissafi, kuma Inna ta riga ta ce idan ta sake faɗuwa ni za ta tuhuma, tunda ni ne babba.

Na haska fitilar waya. Tambaya goma ce, rubutu tsaf. Ta farko ita ce 1/2 + 1/3, ta rubuta 2/5. Ta haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Na gane kuskuren nan take, don ni ma ya taɓa cinye mini maki.

Ban ce mata komai ba tukuna. Na ce, “Auta, a ce ina da naira 600. Nawa ne rabinta?” Ta ce 300. Sulusinta fa? Ta ɗan yi shiru, ta ce 200. Idan na ba ki duka biyun? Ta ce 500. Sai na sa ta nemo 2/5 na naira 600. Ta raba biyar, ta samu 120, ta ninka biyu, 240 ya fito. Na ce, “Ga rabi a hannunki, naira 300, an ƙara miki sulusi, sai kuɗinki ya koma 240. Wa ya yi miki sata?” Ta yi dariya, sannan ta ɓata rai.

Da wannan dabarar nake duba irin wannan takarda. Idan aka ƙara abu a kan abu, dole amsar ta fi kowane ɗayansu girma. Amsar da aka samu ta haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa kuwa, ba ta taɓa wuce babban cikinsu, tsakaninsu take faɗawa. Saboda haka kafin in yi wani dogon lissafi, sai in kwatanta amsar da babban cikin biyun.

Dalili shi ne adadin ƙasa suna ne na girman yanka, na sama ne ke ƙidaya yanka nawa aka ɗauka. Rabi da sulusi ba girmansu ɗaya ba, sai an mayar da su yanka iri ɗaya. Ƙaramin adadin da 2 da 3 ke shiga cikinsa ba saura shi ne 6. Rabi ya zama 3/6, sulusi ya zama 2/6, an samu 5/6. Sudusin naira 600 naira 100 ne, biyar ɗinsa 500, daidai da abin da ta faɗa da bakinta.

Tambaya ta huɗu ma a fili take: 2/3 + 3/4, ta sa 5/7. Kowannensu ya fi rabi, ke nan jimlar dole ta wuce ɗaya. Muka gyara, 8/12 da 9/12 suka ba da 17/12.

Ta bakwai ce ta kusa yaudarata. An ce 1/3 + 2/9, ita kuma ta rubuta 1/4. Ban ga alamar kuskuren ba, don 4 ba jimlar 3 da 9 ba ce. Ashe 3/12 ta samu, ta rage shi ya koma 1/4, ragewar ta ɓoye sawun. Amma rubu'i bai kai sulusi ba, a nan asiri ya tonu. Amsar ita ce 5/9.

Sai ta kawo hujjarta, kuma ban raina ta ba. Ta ce, “To ai Malam idan na ci 3/5 a gwaji ɗaya, 4/5 a na biyu, 7/10 yake rubutawa.” Gaskiya ne. Amma can tambayoyin ne suka ƙaru daga biyar zuwa goma, ma'aunin ya canza. A takardarta kuwa abu guda ake yankawa, kamar naira 600 ɗin nan. Ina ganin wannan, da kuma ninkawa da ake yi sama da sama, ƙasa da ƙasa, su ke rikita yara da yawa.

Na kuma gaya mata cewa gwajin nan kama kuskure kawai yake yi. Amsa tana iya fin duka biyun girma amma ba daidai ba, don haka sai an sake bin lissafin.

Shida cikin goma muka samu da wannan matsala. Na hana ta goge tsofaffin amsoshin, na ce ta ja musu layi ta rubuta sabbin a gefe. Tana kan ta tara cajin wayata ya ƙare, muka je aron tocilan Inna.