Tallar Sallah a makon da ake jana'iza

Babbar Sallar 2025 ta faɗo ranar Juma'a, 6 ga Yuni. Kwana takwas kafin nan, da asubar Alhamis 29 ga Mayu, ruwa ya mamaye unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa ta jihar Neja, ya kashe mutum fiye da 150, ban da waɗanda aka yi ta nema ba a gani ba. Ranar Asabar kuma motar 'yan wasan jihar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gadar Chiromawa, aka rasa rayuka sama da ashirin. Gwamnatin Kano ta ba da hutun makoki ranar Litinin, ta Neja kuma ta dakatar da hawan Sallah. Duk wannan ya faru ne a makon da mai shadda da mai takalmi da mai raguna suke jira tun farkon shekara. Ra'ayina shi ne ɗan kasuwa ya ci gaba da talla a irin wannan mako, amma ya sauya lafazinta, kuma kada ya kuskura ya haɗa ta da ta'aziyya a saƙo ɗaya.

Mu ɗauki mai sayar da yadi a Kantin Kwari, wanda ya shirya tallarsa tun tsakiyar Mayu, ya biya an saka masa a rediyo, ya kuma tsara wa shafinsa ranakun da za ta riƙa fitowa. Ga abin da ya rubuta: «Ambaliyar garaɓasa! Farashi ya faɗi warwas! Ku garzayo kada a bar ku a baya, Sallar bana ta kece raini ce.» Ranar da ya rubuta babu laifi a ciki, haka kowa yake yi. Amma daga safiyar 29 ga Mayu kalmar ambaliya ta daina zama ado. Wanda ya gama kallon hoton gidajen da ruwa ya share, ya ɗan zame da yatsa ƙasa ya ci karo da ita, ba zai tsaya lissafin yaushe aka rubuta ba. Abin da zai ce shi ne wannan bawan Allah ba shi da tausayi. Kuma mafi yawan ɓarnar daga nan take fitowa, daga tallar da aka tsara aka manta, ba daga mugun nufi ba. Don haka aikin farko shi ne a dakatar da duk abin da ke kan layi, na Facebook da na Instagram da wanda yaron shago ke sakawa a WhatsApp, a kira sashen talla na gidan rediyon, sannan a zauna a karanta kowace jimla kamar ana karanta ta ga wanda ya dawo daga maƙabarta.

In an yi haka za a ga abin cirewa ba shi da yawa. Kalmar da ta yi kama da masifar ta fita. Gaggawar ƙarya ta fita, domin «ku garzayo» da «saura kwana uku» ga mai zaman makoki kamar tsawa suke. Alfahari ma ya fita. Abin da ya rage shi ne abin da mai saye yake buƙata tun asali: «Muna da shadda da atamfa da yadin yara. Mun rage farashin yadin yara har zuwa jajiberin Sallah. Shago a buɗe yake daga safe zuwa magariba, kuma muna aikawa wasu garuruwa. Allah ya sa mu ga Sallah lafiya.» Ba a ɓoye ragin ba, ba a ɓoye ranar ƙarewarsa ba, an dai sauke murya.

Za a ce, to ai ciniki ne zai ragu, kuma ɗan kasuwa ya ɗauko kaya bashi, ga yaran shago suna jiran na Sallah. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ita ce dalilin da ya sa ban yarda da masu cewa a yi shiru gaba ɗaya ba. Sallah ibada ce, makoki ba ya soke ta. An yi idi a Minna, an yi layya a Kano, yara sun sa sabon kaya. Shari'a ma kwana uku ta ware wa zaman makoki, in ban da matar mamaci mai takaba. Wanda zai sayi yadi zai saya, abin da yake nema shi ne ina ne, nawa ne, yaushe ake rufewa, kuma duk waɗannan suna nan a sabuwar tallar. Abin da aka zubar shi ne ihun, kuma a makon da jama'a ke jimami ihu ba ya jawo mutane, korarsu yake yi.

Inda na fi tsauri shi ne batun ta'aziyya. Wasu suna ganin ladabi ne su buɗe da «Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, muna jajanta wa al'ummar Mokwa», sannan layi na gaba ya zama farashin leshi da lambar waya. Wannan ya fi ambaliyar garaɓasa muni, domin wancan mantuwa ce, wannan kuwa an yi shi da gangan. Ba a zuwa gaisuwar mutuwa da farantin talla a ka. Mai son yin jaje ya yi shi daban, babu hoton kaya, babu lambar asusu, ya bar shi ya kwana kafin ya koma ga ciniki. Haka nan mai cewa «kashi goma na cinikinmu zai tafi Mokwa»: in ba zai faɗi wa zai miƙa wa ba, da ranar miƙawa, ya kuma nuna shaida daga baya, gara ya ba da taimakonsa daga aljihunsa ya yi shiru. In ba haka ba ya mayar da musibar mutane dalilin saye.

Akwai kuma mai tambaya, ƙasar da kusan kowane mako sai an ji mummunan labari, yaushe za a yi talla? Ba kowane rashi ne ke buƙatar sauyi ba. Ma'aunin shi ne su wa ke karanta ka. Mai shago a Kano wanda abokan cinikinsa suka san iyayen waɗannan 'yan wasa, ko suka tsaya a sahun jana'izarsu, halinsa daban da na mai shago a Damagaram. In gwamnati ta ba da hutun makoki, ko masarauta ta soke hawa, ko ka ga masu bin shafinka sun cika shi da addu'a, hukuncin ya riga ya fito. A nan za a iya tsayar da talla kwana ɗaya zuwa uku, sannan a dawo da sassauƙan lafazi har Sallah ta wuce.

Matsin rayuwa kuwa ba ya ƙarewa a kwana uku, don haka gyaransa ya fi daɗewa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 magidanta da yawa suke lissafin buhun masara kafin rago, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba ya sayen ragon kirki. A irin wannan hali, tallar da ke cewa «maigida na gari ba ya barin gidansa babu rago» tana cin fuskar mafi yawan masu sauraro a gaban matansu da 'ya'yansu, kuma ta saɓa wa addinin da take fakewa da shi, tunda layya a kan mai hali take. Mai raguna zai fi amfana in ya jera farashi daga ƙarami zuwa babba, ya ambaci tunkiya da akuya ba tare da raini ba, ya kuma faɗi ko yana karɓar biya kaɗan-kaɗan kafin Sallah. Mai yadi kuma ya sanar cewa yana yankawa daidai ɗinkin yaro ɗaya, ba sai an ɗauki turmi guda ba.