Fitar da littafin aikin yara a kafofin sada zumunta: sati biyu na tsokaci, rana guda, da wata guda na bibiya

Abokan aiki da yawa sun tambaye ni yadda na sayar da ɗan littafin koyon karatu da na rubuta wa yaran aji ɗaya da aji biyu na firamare, ni da ba ni da shago, ba ni da kuɗin talla a rediyo. Amsar ita ce salula guda da kaye guda. Amma aikin na da tsari, kuma shi nake son shimfiɗawa a nan, don na san malamai da iyaye da dama na da abin da suke son fitarwa, littafi ne ko kayan lakkol ko karatun yamma.

Littafin shafi 48 ne. Na buga kwafi 500 a wata maɗaba'a a nan Maraɗi, kowane kwafi ya tsaya mini sefa 600, wato jika 300 ke nan gaba ɗaya, daga adashe da abin da na tara na albashi. Na sa masa farashin jika guda. Masu taya ni sayarwa suna ɗaukar dala ashirin, sefa 100, a kan kowane kwafi, saura 900 ya shigo hannuna. In ka raba 300,000 da 900 za ka ga sai na sayar da kwafi 334 kafin uwar kuɗi ta dawo. Wannan lamba na rubuta a bangon kayen, kuma da ita nake auna duk abin da na sa a salula.

Ranar fitarwa aka fara tsayarwa, sannan aka ƙirgo baya. Ana komawa makaranta a farkon Oktoba, albashi na shiga wajen ƙarshen wata, manoma kuma sun fara cire amfanin gona. Sai na zaɓi Juma'ar da ta biyo bayan komawa, ranar kasuwar Maraɗi, lokacin da mutanen ƙauyuka ke shigowa gari kuma ana iya ba su saƙo su koma da shi. Sharaɗi guda na gindaya wa kaina, ba zan faɗi rana ba sai kwalayen littafi sun shigo ɗakina na ƙirga su. Mai maɗaba'a na iya ce maka kwana goma, wuta ta ɗauke ko takarda ta ƙare, ya zama kwana ashirin. Uban da ka ce wa Juma'a ya zo bai samu ba, da wuya ya sake tasowa.

Mutane na ɗauka amfanin tsokaci shi ne a ja hankali. A wurina amfaninsa a tara lambobi ne, saboda yadda WhatsApp ke aiki. Abin da ka sa a Statut awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba mai ganinsa sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa. Haka ma Liste de diffusion, wadda ke ɗaukar mutum 256 a jeri guda: saƙon ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarka ba. Ke nan in ka wayi gari ranar fitarwa ba ka tara waɗanda suka ajiye lambarka ba, kana magana ne da ƴan uwanka da abokan aikinka kawai, su kuwa yawancinsu kyauta suke jira.

Shi ya sa duk abin da na sa cikin sati biyun nan da roƙo guda yake ƙarewa: ku ajiye wannan lamba, ku aiko mini da ajin yaronku da unguwarku. Na fara da hoton shafi guda, na harafin b da d da yara ke rikitawa, ban nuna bango ba, ban faɗi suna ba. Na tambayi iyaye ko yaransu na juya waɗannan haruffa. Amsoshi suka yi ta zuwa, don abu ne da kowane gida ya sani. Bayan kwana uku na sa ɗan bidiyo na rabin minti, hannun ɗiyata ne kawai ke bin layi tana karantawa, ba a ganin fuska. A sati na biyu na nuna bango, na faɗi farashi da rana. Jimla sau biyar na sa abu, ba kullum ba. Wanda ke cika Statut da hoto ashirin a rana, mutane rufe shi suke yi, shi kuma ba zai sani ba sai dai ya ga masu kallo na raguwa.

Kowane tsokaci na haɗa shi da saƙon murya cikin Hausa wanda bai kai minti guda ba. Iyaye da yawa, musamman uwaye, ba sa karanta rubutun Faransanci, wasu ko na boko ba sa karantawa, amma su ne ke yanke shawarar abin da za a saya wa yaro. Hotuna kuma na rage musu nauyi, saboda wanda ya sa kiredin dala ashirin ba zai buɗe bidiyo mai cin kuɗi ba.

Facebook da TikTok na yi amfani da su, sai dai da hankali. A Facebook za ka samu mutum talatin sun rubuta "nawa ne?" alhali farashin na jikin hoton. Wannan ba ciniki ba ne, gaisuwa ce. Amsa guda nake ba kowa, farashi da lambar WhatsApp. TikTok kuma na kai bidiyo nesa, masu kallo daga Kano da Kumasi da Saudiyya suna yabo, amma littafin jika guda ba ya biyan kuɗin aike zuwa can. Ban sa su cikin lissafi ba. Wanda na rubuta a kaye shi ne wanda ya aiko aji da unguwa. Daren jajibiri sunaye 163 ke ciki.

Akwai wurin da na ƙi taɓawa, wato gurup ɗin iyayen ajina. Uban da ya ga mushen ɗansa na tallar littafi a wurin da ake sanar da sakamako zai ji kamar dole ne, ko da ba a ce dole ba, talaka kuma zai ji tsoron a ware masa yaro. Na gaya wa diraktanmu abin da nake yi tun kafin in fara, na ajiye kwafi goma a aji kowa ya yi aiki da su, kuma ba na karɓar kuɗi a harabar makaranta. Ina ganin duk malamin da zai sayar da wani abu ya kamata ya tsaya a nan.

Ranar fitarwa ta fi kama da ranar jarabawa, komai an shirya shi tun jiya. Na rubuta saƙo guda mai ɗauke da abu huɗu: farashi, wurare uku da ake karɓa, lokacin buɗewa da rufewa, da yadda na nesa zai biya ta Nita ko Amana a sa masa a mota. Na aika shi ga jerin da ƙarfe bakwai na safe, kafin mutane su fita. Bayan awa biyu na duba alamun saƙon. Wanda saƙonsa ya tsaya a maki guda, ko salularsa na kashe ko bai ajiye lambata ba. Su 31 ne, na bi su ɗaya bayan ɗaya a cikin hirar da suka fara da ni. Ban aika wa baƙuwar lamba ko guda ba, don yawan aika wa waɗanda ba su san ka ba na iya sa a toshe lambarka, kuma ba ranar da za ka so haka ta faru ba ce.

Da yake ina aji da safe, ƙanwata ce ta riƙe salular da kayen. Doka guda na bar mata, kada a ware wa kowa kwafi sai kuɗi sun shigo. "Ajiye mini biyu, ina zuwa" shi ke sa ka ce kaya sun ƙare alhali suna nan jibge. Bayan an sauko daga Juma'a na sa hoton kwalin da aka buɗe, da dare kuma na sa godiya da adadin gaskiya. An sayar da 92. Cikin mutum 163 da suka ce suna so, ɗan fiye da rabi ke nan, kuma bai kai kashi ɗaya cikin uku na 334 ba.

A nan yawancin mutane ke tsayawa, suna ganin biki ya ƙare. Ni kuwa mafi yawan kuɗina bayan ranar suka shigo. A sauran satin farko na bi waɗanda suka yi alkawari ba su zo ba, tunatarwa guda ga kowa, ba biyu ba. Aka ƙara 48. Sati na biyu ya yi sanyi, 35 kawai, kuma dalilinsa a fili yake, waɗanda suka san ni sun gama saye, waɗanda ba su san ni ba kuma ba su ga dalilin yarda da ni ba tukuna.

Sai na daina cewa a saya, na koma nuna yadda ake aiki da littafin. Kowace Lahadi da yamma saƙon murya guda: wannan satin ku yi shafi na kaza, minti goma bayan magariba, yaro ya karanta da ƙarfi, kada ku faɗa masa kalmar kafin ya gwada sau biyu. Iyayen da suka saya suka fara aiko muryar yaransu suna karatu. Wadda na nemi izini aka ba ni ita nake sawa, ba suna, ba hoto. Su kuma suka riƙa tura saƙonnin zuwa gurup ɗin danginsu da na unguwa, wuraren da ni ba ni da hanyar shiga. Ta haka wata mai makarantar kuɗi ta ji, ta nemi kwafi guda ta duba, ta ɗauki 70. Sati na uku ya tashi 110, na huɗu 75. Jimla 360, uwar kuɗi ta dawo a cikin sati na huɗu.

A kayen akwai layin da nake rubuta inda kowane mai saye ya ji labari. Daga sati na uku amsar da ta fi yawa ita ce "wata ce ta turo mini", ba Statut ɗina ba, ba Facebook ba. Wannan layin ne ya taimake ni wajen shawarar sake bugu. Saura kwafi 140, ana sayar da 75 a sati, maɗaba'a na buƙatar aƙalla kwana goma, ke nan lissafi na cewa in koma yanzu. Amma Nuwamba ta kama, kuɗin komawa makaranta sun ƙare a gidaje, kuma fiye da rabin cinikin sati na uku daga hannu guda ya fito. Mai maɗaba'ar ya ce mini in bugun ya gaza 500 kuɗin kwafi zai hau. Na bar bugu na biyu sai Agusta mai zuwa, na ware kwafi 40 na kai wa diraktocin makarantu su duba, sauran ɗarin kuma suna ci gaba da fita biyar biyar, goma goma, ranakun Litinin da Juma'a.