Me Ya Sa Kullum Sai Wanda Ba Ya Sake Zuciyarsa?

Akwai wata tambaya da ake yawan kawo mana bayan an tashi sujada, kuma yawanci da murya ƙasa-ƙasa ake yin ta: "Baba Fasto, me ya sa duk wanda na so ba ya da lokacina?" Za mu amsa ta da labarin wata 'yar'uwa. Ta yarda mu ba da shi, mun kuma sauya abubuwan da za su sa a gane ta.

A Talata Mafara ta girma. Mahaifinta ma'aikaci ne a aikin noman rani na madatsar ruwa ta Bakolori, mutum mai tsoron Allah, bai taɓa barin su da yunwa ba. Amma idan ya dawo gida sai ya jawo kujera ya kunna rediyo, kowa ya yi tsit. Sau uku kawai a shekara take ganin haƙoransa, wato ranar da ta kawo sakamakon jarrabawa, shi ma in ta zo ta ɗaya. Mahaifiyarta kuwa tana fama da ƙannenta biyar.

Lokacin da ta zo wurinmu shekarunta 29, ta yi nema uku. Na farko ɗan bautar ƙasa ne a Bakura, wanda tun ranar farko ya ce mata shi ba mazauni ba ne. Na biyu ma'aikaci ne a Maradun, sai ya yi mako biyu bai kira ba, sa'an nan ya ɓullo da turare da daɗin baki. Na uku ya yi shekara biyu yana zuwa, amma da an ambaci gaisuwar iyaye sai ya ce yana addu'a a kai tukuna. Muka tambaye ta, "'Yata, ba a taɓa samun mai zuwa da gaske ba?" Ta yi shiru, ta ce akwai wani malamin makaranta da yake kira a lokacin da ya ce zai kira, har ya nemi ya turo manyansa. "Amma Baba, ban ji komai game da shi ba."

Wannan amsar ce bakin zaren. A makarantar tauhidi, cikin darasin ba da shawara, an koya mana aikin wani likitan Birtaniya, John Bowlby, da abokiyar aikinsa Mary Ainsworth, wadda ta fara lura da iyaye mata da jariransu a Uganda a shekarun 1950. Daga baya ta tsara wani gwaji: a sa ɗan shekara ɗaya a ɗaki, uwar ta fita, ta dawo, a ga yadda zai karɓe ta. Yaron da aka saba amsa kukansa yakan ruga wurinta, ya huce, ya koma wasa. Wanda ake amsa masa yau a ƙyale shi gobe yakan manne mata yana fushi, ya kasa hucewa. Wanda aka saba turewa kuwa yakan kau da kai kamar bai damu ba. A 1987 Cindy Hazan da Phillip Shaver suka nuna cewa ana ganin irin waɗannan halaye uku a soyayyar manya.

'Yar'uwarmu tana kama da yaro na biyu. Tun tana ƙarama ta koyi cewa ƙauna abu ce da ake yi wa wahala, ana jira, a samu kaɗan. Ku tuna famfon unguwa da ba a san ranar da yake kawo ruwa ba. Shi ne ake kwana ana kasa kunne a kansa, kuma ran da ya kawo, murnar ta fi ta mai rijiya a gida. Haka kiran mutumin Maradun yake bayan shirun mako biyu. Faɗuwar gaba da sauƙin da ke biyo bayanta su ne ta saba kira soyayya, shi ya sa kwanciyar hankalin malamin ta zame mata kamar miya ba gishiri. Mazan nan kuma sau da yawa irin yaro na uku ne. Tana matsowa suna ja da baya, suna ja da baya tana ƙara matsowa.

Kada wani ya ɗora laifin a kan al'adarmu gaba ɗaya, ya ce kunyar ɗan fari ko riƙo ne ke jawo wannan. Wani bincike da Robert Marvin da abokansa suka wallafa a 1977 a kan jariran Hausawa ya nuna cewa yaro yakan shaƙu da mutane da dama a gida. In uwa tana kunya, kaka ko goggo takan cike gurbin. Abin tambaya shi ne ko akwai mutum ko da ɗaya da yaron ya tabbata zai amsa masa. Ita ba ta samu ba.

Mun karanta Farawa 29 tare da ita. Lai'atu ta haifa wa Yakubu Ra'ubainu da Saminu da Lawi, kowane suna yana ɗauke da damuwarta a kan mijin da zuciyarsa ke wurin Rahila. Sai a kan na huɗu, Yahuza, ta daina maganar miji, ta juya ga yabon Ubangiji. Lai'atu ba ita ta zaɓi halin da ta shiga ba, amma ku da ba ku yi aure ba kuna da zaɓi.

Ga aikin da muka ba ta. Ta ɗauki takarda ta rubuta, game da kowane ɗayansu, ranar da ta fara ganin alamar ba ya nan, da uzurin da ta yi masa. Duka ukun, alamar ta fito cikin watan farko. Sa'an nan muka ce ta faɗa wa na ukun buƙata ɗaya ƙarama a fili, ba da habaici ba: ya zo ranar Asabar su yi maganar inda suka dosa. Anan ake bambanta wanda hali ya hana da wanda zuciyarsa ke rufe. Kun tuna lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba 2021. Masu so na gaske sun aika saƙo ta hannun direbobi. Mai uzuri yakan ba da wata rana, ya cika. Mai rufaffiyar zuciya yakan ce kin cika fitina. Na ukun bai zo ba, kuma bai ba da wata rana ba. Ta yi kuka sosai, ta rabu da shi.

Abu na ƙarshe da muka roƙe ta shi ne, in wani mai cika alkawari ya sake zuwa, ta ba shi wata uku kafin ta yanke cewa ba ta jin komai. Zuciyar da ta saba da fargaba tana bukatar lokaci kafin ta gane ɗanɗanon natsuwa. Ba dole ne ta aure shi ba.

Ƙuruciya ba ta bayyana komai, kuma mutum yana iya sauyawa in ya zauna da masu riƙon amana. In akwai duka ko barazana kuwa, wannan wata magana ce dabam, a nemi taimako nan da nan. Ba kuma don ku tuhumi iyayenku muka rubuta wannan ba, domin da yawansu haka aka rene su. Mu kanmu, a daren da ta tafi, mun tuna sau nawa yaranmu suka zo da labari muka ce su bari sai mun gama shirin wa'azi. Mun rufe littafin, muka kira su.

Ubangiji ya warkar da mu, ya koya mana karɓar ƙaunar da ba sai an roƙa ba. Amin.