Mayar da gurbin koyon aiki, daga takardar hannu zuwa imel

Tun da hukumar ITF ta ɓullo da shirin SIWES a 1973, ɗalibin injiniya ko na kimiyya ya san akwai watannin da zai bar aji ya je masana'anta koyon aiki, galibi wata shida ga ɗan jami'a, wata huɗu ga ɗan kwalejin fasaha. Makaranta kan ba shi takardar gabatarwa, shi kuma ya bi Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, ko Kakuri a Kaduna lokacin masaƙu na aiki, yana rarraba kwafi. Wanda ya kai takarda wuri biyar, wata rana wuri biyu za su amsa masa, dole ya ce wa ɗaya a'a.

A da, da ƙafa ake faɗin wannan a'ar. Gurbi ba kasafai yake zuwa haka kawai ba, akwai kawu ko malami da ya sa baki. Saboda haka wurinsa ake fara zuwa, a durƙusa a yi bayani, shi kuma ya ce a je a gaida jami'in ma'aikata da takardar hannu. Gidan waya ba ya cikin lissafi, don kafin wasiƙa ta isa an riga an fara aiki.

Da shagunan intanet suka yawaita a farkon shekarun 2000, sai ɗalibi ya sayi rabin awa, ya buɗe Yahoo, ya rubuta a gurguje kafin lokaci ya ƙare ko a ɗauke wuta. Sauƙin ya zo da illarsa. Wasu suka riƙa kwafo dogayen wasiƙu masu cike da kirari, har mai karatu ya kai ƙarshe bai gane zuwa za a yi ko fasawa ba. Da yawa kuma, kunya ta sa su yin shiru. A ganina shirun ya fi komai muni, domin kamfani ya ware kujera da mai kula da ɗalibi, kuma akwai wani yaron da aka ce wa babu wuri.

A ɗauki misalin ɗalibar injiniyan lantarki a Zariya. Kamfanin robobi a Kano ya ba ta gurbi ranar Litinin, na sadarwa a Kaduna ya kira ta ranar Laraba, kuma na Kadunan take so. Masu hankali a lokacin ba sa sakin na hannu don kiran waya. Sai ta karɓi takardar amincewa ta Kaduna a rubuce, wadda dama ita ofishin SIWES na makaranta zai nema don ya san inda zai tura malamin duba ɗalibai. Daga nan ta sanar da wanda ya yi mata hanya, don kada ya ji a bakin wani. Sannan, cikin kwana ɗaya ko biyu, ta danna Reply a kan saƙon tayin, yadda jami'in zai ga zancen tun daga farkonsa. Da Turanci ake rubutawa, amma abin da ke ciki ke nan:

"Ranka ya daɗe, na gode da gurbin koyon aiki da kuka ba ni a sashen gyaran injuna, da lokacin da kuka ɓata kuna ganawa da ni. Ina sanar da ku cewa na karɓi wani gurbin a wani wuri, don haka ba zan samu zuwa ba a bana. Na rubuto da wuri ne domin ku ba wani ɗalibin. Zagayen da aka yi da ni a ɗakin injuna ya amfane ni sosai, kuma ina fatan idan na kammala karatu za ku ba ni damar sake nema."

Ba ta ambaci sunan ɗaya kamfanin ba, ba ta ce ya fi biyan alawus ba, don kwatanci raini ne ko da an lulluɓe shi da ladabi. Ba ta kuma ƙirƙiro rashin lafiya ko hanin iyaye ba. Injiniyoyin Kano da Kaduna sun san juna, makaranta ɗaya suka yi, ƙarya ba ta daɗewa. Abin da ya bar ƙofa a buɗe shi ne jimlar ƙarshe, da ta kama sunan abu guda da ta gani da idonta, ta kuma faɗi lokacin da za ta dawo. Jami'in da ya karanta haka yana da abin tunawa da ita idan takardar bautar ƙasa ta kawo ta garin.

Yanzu yara kan aika wannan ta WhatsApp, wasu ma da saƙon murya. Idan ta nan tayin ya zo, babu laifi a fara sanarwa ta nan, amma a biyo da imel, domin shi ake bugawa a sa a fayil, kuma jami'in da aka yi hira da shi a waya yana iya barin aikin kafin shekara ta zagayo.