Kusa da asibiti ba ya nufin ka tsira

Mu mazauna unguwar Nassarawa a Kano muna da wani kwanciyar hankali da nake ganin yana ruɗarmu. Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, wanda har yau tsofaffi ke kira Asibitin Nassarawa, yana nan a tsakiyarmu, ga asibitocin kuɗi a kusan kowane titi, ga Asibitin Malam Aminu Kano can Titin Zariya. Shi ya sa idan mutum ya yanke jiki ya faɗi, abin da kowa ke cewa shi ne, "A kawo mota!" A yawancin cututtuka hakan daidai ne. Amma idan zuciya ce ta tsaya, wannan motar ce take cinye ɗan lokacin da ya rage.

Mu ɗauka wani magidanci ɗan shekara 55 yana zagayen motsa jiki da safe a wajen filin sukuwa, sai ya zube. An taru, wani yana kiran sunansa, wani yana yayyafa masa ruwa, wani yana fifita: minti biyu sun tafi. Kafin a nemo makulli a juyo da mota, wasu biyu. A ciccibe shi a cusa a kujerar baya, ɗaya. A bi hanya, a yi sa'a babu cunkoso, a shiga ƙofar asibiti, a nemo gadon turawa, shida ko bakwai. An kai minti goma sha ɗaya ke nan babu ɗigon jinin da ya kai ƙwaƙwalwarsa. Ita kuwa ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa ne bayan minti 4 zuwa 6, kuma kowane minti da ya wuce ba a danna ƙirji ba, damar rayuwa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Likita zai yi iya ƙoƙarinsa, amma an kawo masa aikin a makare.

Abin da ke faruwa a cikin ƙirjin mutumin nan shi ne asalin maganar. Zuciya da lantarkinta take aiki: wani ɗan gurbi a samanta yana ba da umarni, tsokar ta matse gaba ɗaya, jini ya fita. A manya da yawa da suka faɗi farat ɗaya, ba wai lantarkin ya ɗauke ba ne, rikicewa ya yi. Kowane sashe na tsokar yana motsi a lokacin da ya ga dama, zuciyar tana karkarwa, ba ta tura komai. Likitoci suna taƙaita sunan wannan da VF. Akwai ɗan'uwansa, inda zuciyar ke gudu fiye da kima har ba ta samun cika da jini. Waɗannan biyun ne kawai shokin lantarki ke yi wa magani. Kuma shokin ba tayar da zuciya yake yi ba, kamar yadda fina-finai suka koya mana. Kamar zauren taro ne da kowa ke magana a lokaci guda, sai wani ya daka tsawa ɗaya, kowa ya yi tsit, shugaba ya samu ya ci gaba da magana. Idan kuwa zauren ya watse, tsawa ba ta da amfani. Wannan shi ne miƙaƙƙen layin da ake gani a allon na'ura, kuma ba a ba shi shokin. Haka ma idan lantarkin yana tafiya daidai amma zuciyar ba ta bugawa, misali saboda zubar jini mai yawa ko rashin iska. Nan sai an gano dalilin an gyara.

To ga inda lokaci ya shigo. Karkarwar nan ba ta daɗewa. Tsokar tana ƙone ɗan ƙarfin da ya rage mata, karkarwar ta yi ta laushi, har ta koma miƙaƙƙen layi. Mutumin da shokin ɗaya zai iya dawo da shi a minti na uku, a minti na goma sha biyu sau da yawa ya riga ya fita daga wannan rukunin. Danna ƙirji ba ya gyara karkarwar, amma yana tura jini kaɗan zuwa ƙwaƙwalwa da ita kanta zuciyar, ya ja lokacin har na'urar shokin ta iso.

Masu kallon ƙwallo sun ga ɓangarorin biyu. Ranar 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas, ana wasa da Angola, yana da shekara 25, bai tashi ba. Ranar 12 ga Yuni 2021 Christian Eriksen ya faɗi a Kopenhagen ana wasa da Finland. A nan cikin fili aka danna ƙirjinsa, aka ba shi shokin sau ɗaya, kuma a 2022 ya koma buga ƙwallo. Ba sai da aka kai shi asibiti aka fara ba.

Yaya za ka gane zuciyar mutum ta tsaya? Ka jijjiga kafaɗarsa, ka kira shi da ƙarfi. Bai amsa ba, ka dubi ƙirjinsa, kada ka wuce daƙiƙa goma. Nan ne aka fi yin kuskure: a mintunan farko mutum yakan yi wani gurnani, yana jan numfashi jefi-jefi, baki a buɗe. Sai a ce, "Alhamdulillahi, yana numfashi," ko kuma a ce gargarar mutuwa ce, a koma salati kawai. Wannan ba numfashi ba ne, alama ce ta cewa zuciyar ba ta daɗe da tsayawa ba. Wani ma har ɗan fizge-fizge yake yi, a zaci farfaɗiya ce. Kada ka ɓata lokaci wajen laluben bugun jijiya. Ko ma'aikatan lafiya yana ruɗa su. Kuma don Allah kada a ɗura masa ruwa ko madara.

Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce ya kira 112 ko asibiti mafi kusa, wani kuma ya nemo na'urar shokin, wadda ake rubuta AED a jikin akwatinta. Ka kwantar da wanda ya faɗin rigingine a ƙasa mai tauri, ba a katifa ba. Ka durƙusa, ka ɗora tudun tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe. Ka danna ƙirjin ya nutse santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a daƙiƙa, kana barinsa ya dawo daidai bayan kowace dannawa. Wanda ya koyi hura iska ya hura biyu bayan kowace dannawa 30. Wanda bai koya ba ya yi ta dannawa kawai. Hannu yana gajiya tun mai shi bai ankara ba, don haka a riƙa canji duk minti biyu. Haƙarƙari yana iya karyewa, za ka ji ƙas a ƙarƙashin hannunka. Ka ci gaba. Salati da dannawa kuwa ba sa hana juna, baki yana yi hannu yana yi. Idan mace ce, ita ma haka za a yi mata, kada kunya ta sa a tsaya jiran wata macen.

Idan na'urar ta zo, ka kunna ta, za ta yi maka magana. Ka goge zufa, ka manna faci ɗaya ƙasa da ƙashin wuya na dama, ɗayan a gefen hagu ƙasa da hammata. Ita za ta karanta zuciyar. Idan ta ce a ba da shokin, kowa ya janye hannu, ka latsa maɓallin, ka koma dannawa nan take ba tare da jiran ya motsa ba. Idan ta ce ba a buƙata, ba lalacewa ta yi ba. Ka ci gaba, bayan minti biyu za ta sake dubawa.

Na san tambayar da za ta biyo baya: ina na'urar take? A wurare da dama babu, kuma motar asibiti ba kullum take zuwa da wuri ba. Idan dole sai an ɗauke shi, a nemi motar da zai kwanta a shimfiɗe, wani yana dannawa har ƙofar asibiti. A cikin A Daidaita Sahu ko kujerar baya hakan ba ya yiwuwa. A kuma buga waya tun daga hanya a ce zuciya ce ta tsaya. Masu otal-otal, kulob-kulob, bankuna da wuraren motsa jiki na unguwar nan kuwa, waɗanda ke sayen dizal na miliyoyi duk wata, ba su da uzurin rashin rataya akwatin nan ɗaya a bango, su kuma koya wa masu gadi yadda ake buɗe shi, tunda su ne suke wurin da asuba.