Raguna uku, kwana 90, ribar naira dubu 45

1/ Tun bayan Babbar Sallar 2025 abokai ke tsokana ta a makaranta, wai Alhaji mai raguna, ina rabonmu? To yau ga lissafin gaba ɗaya, tun daga kasuwar Getso har jajibere. Duk mai shirin zuba kuɗin makarantarsa a turka ya karanta kafin ya ɗaure igiya.

2/ Jarin dubu 490 ne a ƙarshe, kuma ba duka nawa ba ne. Dubu 300 na tara da gyaran waya a hutu da ɗan abin da yayana ke turo min, kuma a ciki har da kuɗin rajistar zango mai zuwa. Sauran Kawu ne ya ranta min da kaɗan kaɗan, da sharaɗin zan biya bayan Sallah. Ka ga ashe ba wasa na shiga ba.

3/ Ga lissafin da na yi a bayan littafin lacca. Raguna uku dubu 310. Abinci dubu 100. In sayar da kowanne dubu 220, ya zama dubu 660. Riba dubu 250. Har na fara duba farashin kwamfuta, Allah ya yafe min.

4/ Makon farko na azumi, farkon Maris, muka tafi Getso a ƙaramar hukumar Gwarzo ni da Kawu. Ni idona na kan wani fari tas mai ƙaho a murɗe. Kawu ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Kai yaro, wannan an gama kiwonsa, mai shi ya riga ya ci ribar. Ramamme za ka nema mai ƙashi."

5/ Abin da yake nufi shi ne rago mai tsayi da faɗin ƙirji, wanda yunwar rani ce ta ramar da shi ba cuta ba. Sai na ga yana buɗe musu baki. Wanda manyan haƙora biyu suka fito masa a gaba ya haura shekara, ya isa layya ba gardama, kuma har yanzu jikinsa na karɓar kiwo. Yana jan fatar ido ya leƙa ciki: in ja ce lafiya, in ta yi fari jini ya yi ƙasa, galibi tsutsar ciki ce. Yana duba hanci ko da majina, ya ɗaga wutsiya ko da alamar zawo, ya sa a ja ragon ya ga tafiyarsa. Gurgu da mai ido ɗaya ba sa layya, komai ƙibarsu.

6/ Muka ɗauki biyu 'yan ƙasa, dubu 95 da dubu 105, da wani mai jinin Balami dubu 110. La'adar dillali, kuɗin kasuwa da motar da ta kai su gida Kabo suka ci dubu 9 da ban rubuta a littafina ba. Tun ranar farko lissafi ya fara yoyo.

7/ A gida Inna ce ke kula da su, ni sai ƙarshen mako nake zuwa daga Kano. Makon farko maganin tsutsa aka ɗura musu, aka bar su da harawa da ruwa, dusa ɗan kaɗan. Sai a mako na biyu aka kai su cikakken awo. Kowane rago a rana yana cin kusan rabin kilo na dusar alkama, a jiƙa da ruwa da ɗan kanwa, da kowa cikin kwano guda, wato ɓawon wake, sai harawa safe da yamma.

8/ Nan ne kuɗin ya tafi. Dusa buhu uku: na farko dubu 16, na biyu 17, na uku 18. Kowa buhu huɗu a kan dubu 11 kowanne, dubu 44. Buhun kowa girman banza ne da shi, ba nauyi, kafin ka ankara ya ƙare.

9/ Harawa ita ta fi ba ni haushi. A Maris na sayi dami 20 a kan 1,200. Na ɗauka za su kai ni Sallah. Tsakiyar Mayu suka ƙare, na koma na tarar dami ya kai 2,000, kuma ya ƙanƙance, kamar an yi masa aski. Na ƙara 12. Harawa kaɗai dubu 48.

10/ Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ni ne dai ban yi tunani ba. Ana tara harawar wake da ta gyaɗa ne da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba. Daga nan kullum raguwa take yi har sabuwar ciyawa ta fito. Sallar 2025 ta kama 6 ga Yuni, wato kwana 90 ɗina sun faɗa daidai Maris zuwa Yuni, lokacin da daji ya bushe ƙurmus, kowa a unguwa ya turke rago, kowa na neman dami guda. Na yi kiwo a watannin da abinci ya fi tsada a shekara.

11/ Jimillar abinci dubu 143, ba dubu 100 ba. Raba shi kwana 90, kusan 1,600 ke nan kullum, rago ɗaya kusan 530. Wannan lambar ita ya kamata in sani tun kafin in je Getso, domin duk kwanan da rago ya ƙara a turke sai ya ci ta, ko ya ƙara nama ko bai ƙara ba.

12/ Yanzu ga ɓarnar da na yi da hannuna. Wata Juma'a a Afrilu na dawo, na ga ƙaramin cikinsu kamar bai motsa ba. Sai na ɗebi barzajjiyar masara ta gida, fiye da rabin kwano, na zuba masa a kan dusarsa. Inna ta ce, "Ɗan nan, ba a yi wa dabba haka rana ɗaya." Na ce Inna ai ƙarfi zai ƙara masa. Ya cinye tas, har ina jin daɗi.

13/ Da asuba yana kwance. Ya daina tuƙa, ya ƙi kallon abinci, cikinsa ta hagu ya kumbura, can sai zawo mai ruwa-ruwa mai warin tsami. Tumbin rago ya saba da ciyawa. In hatsi ya sauka masa da yawa lokaci guda sai ya yi tsami a ciki, tsamin ya kashe ƙwayoyin da ke narka ciyawar, tumbi ya tsaya cak. Alamar farko ita ce daina tuƙa. Ragon da ke kwance yana tuƙa lafiyarsa ƙalau. Wanda ya kwanta baki shiru, kai a ƙasa, tashi ka duba shi.

14/ Inna ta jiƙa kanwa ta ɗura masa a hankali, na hau babur na ɗauko malamin dabbobi. Ya yi masa allura, ya ce a janye dusa da hatsi gaba ɗaya, harawa da ruwa kawai, sai ya dawo da tuƙa a fara dusa da tafin hannu. Ya rayu, alhamdulillahi. Amma kusan mako uku yana maida abin da ya zube. Magani duka, har da na tsutsa, dubu 14. Kanwa da gishiri dubu 3.

15/ Akwai lissafin da ya fi wannan ciwo. Mai jinin Balamin, wanda ya fi kowa karɓar kiwo, mun rataye shi a sikelin masu sayen hatsi ranar da ya zo: kilo 31. Kafin in sayar, kilo 43. Ya ƙara 12, kuma wannan ba laifi, rago a irin wannan abincin giram 100 zuwa 150 yake ƙarawa a rana. Amma abincinsa ya kusa dubu 48. Wato kowane kilo da na ɗora masa ya ci kusan 4,000, alhali a Getso na saye shi a kan kusan 3,550 kilo.

16/ Ka gane? Naman da na yi da dusa ya fi naman da na saya a kasuwa tsada. Abin da ya cece ni kawai shi ne Sallah ta ɗaga farashin ragon gaba ɗaya: ya tafi a dubu 205, kusan 4,770 kilo. Ribar turka irin tawa, ta mai sayen komai, daga bambancin farashin Maris da na Zulhajji take fitowa. Abincin yana sa ragon ya cika ido ne ya shiga sahun na layya.

17/ A watan Mayu aka ji Nijar ta hana fitar da dabbobi kafin Sallah. Na ce shi ke nan, kakata ta yanke saƙa, rago zai yi wuta. An kira farashi mai tsada kam. Amma kira daban, biya daban. Mutum zai zo ya shafa bayan rago, ya taɓa gindin wutsiya, ya tambayi kuɗi, ya ce Allah ya sa albarka, ya wuce wajen awaki.

18/ Babban wani ma'aikaci ne ya zo har gida ya saya, saura kwana goma Sallah, ba dillali ba kuɗin mota. Ya kuma taya na biyun dubu 195, na ƙi, ina jiran 220. Bayan mako guda na kai shi kasuwa na sayar 190, na biya mota da la'ada a kai. Har yau in na tuna sai na yi tsaki.

19/ Ƙaramin da na kusa kashewa shi ya kai jajibere. Ranar kowa ya san ba ka son komawa da shi gida, don in Sallah ta wuce farashi zai faɗi, ga 530 kullum tana jiranka. Wani dillali ya dube ni ya ce, "Ɗan makaranta, sallama ko ka ci abinka da kanka." Na sallama a dubu 140. Zirga-zirgar kasuwa da la'ada na sayarwa, dubu 11.

20/ To ga shi. An kashe: raguna 310, kawo su 9, abinci 143, kanwa da gishiri 3, magani 14, sayarwa 11. Dubu 490. An samu: 205 da 190 da 140, dubu 535. Riba dubu 45. Raba ta kwana 90, naira 500 a rana. Kuma ban sa ladan Inna ba, ban sa ruwan da ƙannena suka yi ta jidowa a zafin Afrilu ba, ban sa kuɗin motata ta ƙarshen mako ba. Da ƙaramin nan ya mutu, da asarar dubu 95 nake ba ku labari.

21/ Inna ma ta turke rago ɗaya a gefe, ɗan tunkiyarta. Ba ta saye shi ba, harawarsa daga gonarmu take, tun kaka aka ɗora ta a kan rumfa, dusarsa ta surfen gida ce da ta maƙwabta. Ta sayar da shi dubu 170, kuɗin da ya fita daga hannunta bai kai dubu 20 ba. Ragonta ɗaya ya ninka ribar nawa uku fiye da sau uku, ba ta kuma rubuta komai a littafi ba.

22/ Na biya Kawu, na yi rajista, na saya wa Inna atamfa, takin da suka tara aka kai gona. Sallar 2026 ana sa ranta ƙarshen Mayu, cikin tsadar harawa dai za ta sake faɗawa. Shi ya sa da kakar nan ban nemi rago ba tukuna. Harawar wake na saya dami 40 tun tana jibge a gonaki, tana can kan rumfar Inna an rufe ta da leda. Raguna biyu zan ɗauka a wannan karon, kuma duk wanda ya zo gida ya taya da farashin da ya rufe lissafi da ɗan abin kai, zan kwance masa igiya a ranar.