Rashin Haihuwar Malam Shehu

Duk sanda na koma ga Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, abin da ke tsayar da ni shi ne ƙanƙantar abin da aka faɗa mana game da rayuwar Malam Shehu kafin labarin ya soma. Attajiri ne, yana da mata, amma Allah bai ba shi haihuwa ba. Kusan shi ke nan. Marubutan ba su tsaya lissafa mana fataucin da ya yi ko malaman da ya bi neman magani ba.

Amma a duba nauyin da wannan rashi guda ya ɗauka. Shi ya sa mutum mai shekaru da daraja ya sa dukiyarsa ya raba Zainabu da saurayinta Abubakar. Da an ɓoye mana rashin, da sai mu ɗauke shi tsohon banza mai kwaɗayin yarinya. Da yake mun sani, muna ƙin abin da ya aikata, muna kuma gane yunwar da ta tura shi. Rashin ne kuma ya nuna wa Abubakar inda zai sara: ya bar dukiyar, ya nufi ɗan da aka daɗe ana jira, ya nemi asirin da zai lalata shi. Ko laƙabin yaron, Kyauta, ya isa ya tuna wa Bahaushe shekarun jiran nan, ba sai an sake ba da labarinsu ba.

Daga nan na samo ma'aunin da nake gwada rubutuna da shi. Nakan cire sakin layin da ke ba da tarihin tauraro, in sake karanta labarin. In wata shawara da ya yanke a gaba ta zama ba ta da kai, sai in mayar da shi, in rage shi zuwa jimlar da shawarar ke rataye a kanta. In babu abin da ya girgiza, to ni ne nake bukatar sanin tarihin, mai karatu ba ya bukata. Wurin ajiyewa ma da muhimmanci: a faɗe shi tun da wuri, a bar shi ya kwanta. Wanda ya bari sai tauraro ya ɗaga hannu zai yi mari, sannan ya ja mu zuwa ƙuruciyarsa har shafi uku, zai dawo ya tarar fushin ya huce.

Wani zai kawo mini Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda kusan dukan littafin waiwaye ne. Ina ganin ba ɗaya ba ne. A can almajirai ne suka tambayi malaminsu asalinsa, amsarsa kuwa ita ce labarin kansa, babu wani zare da aka dakatar domin a saurare ta.